Yadda ake zaɓar wa mutum kalar atamfa da zanenta daga hoto kawai

Idan aka turo miki hoton mace aka ce ki zaɓar mata atamfar da za ta karɓe ta, kar ki yi saurin buɗe hotunan atamfa tukunna. Hoton da aka turo ɗin nan shi za ki fara yi wa tambayoyi, saboda yawancin zaɓen da yake lalacewa tun daga nan yake lalacewa, an zaɓi kala bisa fatar da waya ta nuna, ita kuwa mai fatar ba haka take a ido ba.

Abin da yake faruwa shi ne kyamarar waya tana gyara kala da kanta. Idan an ɗauki hoto a ɗaki ƙarƙashin kwan lantarki mai jan haske, fuskar za ta fito da yalo-yalo ko ja-ja, idan kuma farin kwan nan ne mai kashe ido sai fatar ta yi kamar an shafa mata toka. Filash yana sa goshi da kumatu su yi fari fat. Kyamarar gaba kuma a wayoyi da yawa tana zuwa da gyaran fuska a kunne, tana goge tabo tana ƙara haske ba tare da mai hoton ta ma sani ba. Toh kin ga duk wanda ya yi hukunci da irin wannan hoton ai ya yi a kan iska.

Don haka matakin farko, ki roƙi sabon hoto. Ki ce ta fita waje da rana amma ta tsaya a inuwa, ko ta tsaya tana fuskantar taga, da hantsi ya fi, kar ya zama dab da faɗuwar rana domin hasken lokacin ja ne. Kar ta tsaya kusa da bango mai fenti mai ƙarfi ko ƙarƙashin rumfa mai kala, kalar tana dawowa kan fuska. A goge idon kyamarar, a ɗauka da ta baya, babu filash babu filta, kuma babu hoda ko fandeshan. Wuya ya fito, in da hali har da bayan hannu. Sannan abin da na fi ba muhimmanci, ta riƙe farar takarda a ƙasan haɓarta, takardar rubutu ta yau da kullum ta isa. Wannan takardar ce ma'auninki. In kin buɗe hoton kika ga takardar fara ce sosai to hasken ya yi, in ta yi ruwan madara to hoton gaba ɗaya ya karkata wajen yalo kenan har da fatar, in ta yi shuɗi-shuɗi ya karkata ɗaya ɓangaren. Gara a sake ɗauka da ki zauna kina ƙiyasi. Kuma in ta WhatsApp ne ta turo shi a matsayin Document, saboda turawa ta yau da kullum tana matse hoto, ƙananan bambance-bambancen kala su ɓace.

Ke ma ki duba taki wayar fa. Akwai saitin da yake sa fuskar waya ta yi ja-ja don kare ido da dare, a wasu wayoyin sunansa Night Light, a Samsung Eye comfort shield, a iPhone Night Shift, sannan akwai True Tone. Ki kashe su, ki ƙara hasken fuskar wayar, ki zauna inda rana ba ta haska ta kai tsaye.

Da hoto ya yi kyau, abu biyu za ki karanta a jikin fatar, kuma mutane sun fi tsayawa a na farkon su manta na biyun. Na farko shi ne haske ko duhu, fara ce, wankan tarwaɗa ce, ko baƙa ce. Na biyu shi ne kalar da take kwance a ƙarƙashin fatar. Ki tsayar da mata biyu masu duhu iri ɗaya, za ki ga ɗaya duhunta yana da ja a ciki kamar ruwan makuba, ɗaya nata yana da yalo kamar ruwan zuma, wata kuma nata ya yi zurfi har yana ɗaukar shuɗi-shuɗi in haske ya doke shi. Haka ma farare, akwai mai yalo akwai mai ja-ja, akwai wadda nata yake ɗan karkata wajen kore-kore. Wannan ne dalilin da ya sa maganar nan ta "baƙar mace kala kaza ce take mata kyau" ba ta cika aiki ba, za ki ga ta yi wa wannan kyau ta kashe waccan.

Wurin da za ki duba shi ne gefen muƙamuƙi da wuya, ki zuƙo hoton ki kwatanta da farar takardar. Kar ki duba goshi da karan hanci, nan ne maiƙo yake ƙyalli, kuma kar ki duba ƙasan ido. Akwai masu cewa a duba kalar jijiyar hannu, in kore ce kaza in shuɗiya ce kaza, gaskiya a fata mai duhu wannan ba ya fitowa ko a ido balle a hoto, ki bar shi. In kin rasa gane wa, ki ce ta ƙara hoto biyu a wuri ɗaya da haske ɗaya, ɗaya da mayafi fari tas a wuya, ɗaya da mai ruwan madara. Wadda ƙarƙashin fatarta yalo ne ko ja, yawanci ruwan madarar zai sa fuskar ta kwanta ta yi sumul, wadda nata shuɗi-shuɗi ne kuma farin tas ɗin zai fi fito da ita, ruwan madarar ya yi kamar ya yi datti a jikinta. In duka biyun sun zauna daidai to tana tsaka-tsaki, zaɓenta yana da faɗi.

In kika ga fuska ta fi wuya da hannu haske sosai, ko saboda kwalliya ko saboda man da ake shafawa, ki yi hukunci da wuyan. Atamfa a wuya da hannu take kwanciya, kuma kala mai ƙarfi sosai tana ƙara tona bambancin. Irin wannan ki nema mata kalar da ta ɗan kwanta.

Yanzu ga abin da ya kamata ki riƙe game da kala, wanda in kin gane shi ba kya buƙatar haddace jerin kaloli. Duk kalar da aka ajiye kusa da fata tana sa ido ya ƙara ganin kishiyarta a jikin fatar. Shuɗi yana fito da ruwan goro da ɗumin fata, shi ya sa nebi bulu da shuɗi mai ƙarfi suke sa mai ruwan zuma ta yi kamar tana ƙyalli. Kore yana fito da ja, to in mace tana da ƙuraje masu ja ko fuskarta ta yi ja-ja a kumatu, kore shar a wuya zai ƙara nuna su. Shunayya tana fito da yalo, wanda yana yi wa mai duhu kyau sosai, amma fara mai yalo da yawa ko mai kore-kore sai ta fito kamar wadda ta tashi daga jinya. Ruwan goro mai ƙarfi kuma yana iya sa fata mai sanyin kala ta yi toka-toka. Ban da wannan akwai haskakawa, wato kalar rigar tana dawowa ƙasan haɓa da wuya, musamman in atamfar tana da sheƙi, yalo mai tsami ko tsanwa su ne suka fi yin haka.

Daga nan za ki iya fitar da zaɓe da kanki. Mai duhu sosai da shuɗi-shuɗi a ƙasa, ba ta tsoron kala mai tsabta, fari tas, shuɗi mai ƙarfi, ruwan hoda mai ƙarfi, kore mai zurfi, ja zur. Abin da yake kashe ta shi ne kalar da ta dishe, ruwan ƙasa mai duhu ko ruwan toka da ya yi kusa da duhun fatarta. Mai duhu da ja a ƙasa, ruwan gwal, ruwan goro, yalo mai nauyi da shuɗi mai ɗan kore suna karɓarta. Wankan tarwaɗa ita ce aka fi yi wa kuskure, domin akwai kaloli da yawa a atamfa da haskensu ya zo daidai da nata, ruwan ƙasa mai haske, ruwan goro da ya kwanta, koren ganye da ya dishe, sai ta saka ka rasa inda riga ta ƙare inda wuya ya fara. Farar mace kuma marun, nebi bulu, kore mai duhu suna fito da ita, amma ruwan madara da ruwan hoda mai haske sosai suna wanke ta.

Akwai gwaji ɗaya da yake raba gardama a kan wannan matsalar ta sajewa. Ki haɗa hoton fuskar da hoton atamfar wuri ɗaya, yawancin wayoyi suna da hanyar jera hotuna biyu a hoto ɗaya, ki sa atamfar a ƙasan haɓa daidai inda wuyan riga zai zauna. Sai ki shiga wajen gyaran hoto ki rage Saturation, wato ƙarfin kala, zuwa ƙarshe har ya koma baƙi da fari. Idan a haka fatar da atamfar suka zama toka iri ɗaya, to za su saje a jiki komai kyan kalar. Kina so atamfar ta fi fatar haske a fili ko ta fi ta duhu a fili. Ba sai bambancin ya yi yawa ba, amma a gan shi ba tare da an ƙura ido ba.

Ita ma atamfar hotonta yana ƙarya, wani lokacin har ya fi na fuska. Masu sayarwa suna ƙara wa kala ƙarfi, wasu ma ba da niyya ba, wayar ce. Ja yana fitowa da ƙarfi fiye da yadda yake, shunayya sau da yawa tana komawa shuɗi a kyamara, marun ya koma ja. Ki ce a warware ta a shimfiɗa a hasken rana a inuwa, kar a ɗauke ta cikin leda ko a ninke, a ɗora farar takarda a gefe, kuma a sa hannu ko tef ɗin awo a kai domin ki san girman zanen. Wannan na ƙarshen kar ki yi wasa da shi, furen da kika gani kamar tafin hannu yana iya zama ya kai faɗin ƙirji. Ki ce a juya miki bayanta ma. Atamfar da aka yi da kakin gaske, wadda asalin fasaharta daga batik na Indonesiya ne, rininta yana fita gaba da baya kusan daidai, kuma za ki ga ƙananan tsage-tsage da ɗige-ɗige masu haske a cikin kalar, waɗannan suna sassauta ƙarfinta in an hango daga nesa. Wadda aka buga a fuska ɗaya bayanta yana da haske, in an naɗa ɗankwali bayan zai leƙo kusa da fuska, ki saka shi a lissafi. Sheƙin sabuwar atamfa kuma yana raguwa bayan wanki, kalar ta ɗan kwanta, don haka wadda tun yanzu take kusa da sajewa da fata bayan wanki ta gama sajewa.

Atamfa ba kala ɗaya ba ce, shi ya sa ake ruɗewa. Ki raba ta uku a idonki, kalar ƙasa wato filin da aka yi zane a kai, kalar da ta fi yawa a zanen, sai ƴar kalar da aka yayyafa. Ta ƙasan da wadda ta fi yawa su ne suke magana da fata, ƴar ƙaramar kuwa da ita za ki zaɓi mayafi da takalmi. Don ki san wace kala ce za ta yi rinjaye, ki rage hoton ya zama ɗan ƙarami, ko ki ajiye wayar ki ja baya taku uku zuwa huɗu ki kanne ido. Ƙananan zane suna haɗewa daga nesa, ja da kore ƙanana-ƙanana da suka yi miki kyau a kusa sai su koma wani ruwan ƙasa mara fasali, kuma wannan ruwan ƙasan shi mutane za su gani a jikinta. Manyan zane ba sa haɗewa, kowace kala tana tsayawa da kanta, amma sai ya zama wajibi ki san wacce ce za ta faɗo a wuya.

Ƙarfin zane kuma ki auna shi da fuskar. Ki duba hoton baƙi da farin nan, in akwai bambanci sosai tsakanin fata da gira da farin ido da haƙora, fuskar tana iya ɗaukar zane mai baƙin layi mai kauri da kaloli masu karo da juna. In fuskar mai laushi ce, komai kusa-kusa, irin wannan zanen zai danne ta, a riƙa gaisawa da atamfa a manta da mai ita. Mai tabo ko ƙuraje da yawa ki kauce mata ƙananan ɗige-ɗige masu duhu dab da wuya, suna maimaita abin da ake so a rage.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. An turo hoton mace, an ce fara ce, a hoton farko kuwa ta fito fara sol, ga kwan lantarki a bayanta, fatar ta yi sumul babu ko ɗigo, wanda ya nuna akwai gyaran fuska. An sake hoto a bakin taga da takarda, takardar ta fito fara, ita kuma ta fito wankan tarwaɗa, wuyanta da yalo mai ɗumi, akwai ɗan duhu a ƙasan ido. Da mayafi mai ruwan madara ta fi kyau. Atamfa uku aka ajiye. Ta farko ƙasarta ruwan ƙasa mai haske da ganyaye ruwan goro da ƴan layuka baƙaƙe. Ta biyu ƙasarta nebi bulu da manyan da'irori ruwan gwal, kowace ta kai inci 8, da ɗan fari a tsakiya. Ta uku ƙasarta fara da ƙananan furanni ja da kore a cushe.

In da hoton farko aka yi aiki da shi, ta farkon za ta yi kamar ta dace, tunda a kan farar fata ruwan ƙasa yana da bambanci. Amma da aka jera ta da hoto na gaskiya aka cire kala, wuya da atamfa suka zama abu ɗaya, sai baƙaƙen layukan kawai suke yawo. Ta fita. Ta ukun a kusa tana da kyau, fari ya fi fatar haske, amma da aka rage hoton farin ya kusa ɓacewa saboda furannin sun cushe, jan da koren suka haɗe suka ba da wata kala mai duhu-duhu da ta ƙara nuna duhun ƙasan idon. Da furannin a warwatse suke, farin ya samu fili, da ta wuce. Ta biyun ce ta ci gwajin duka, nebi bulun ya fi fatar duhu a fili, kuma shuɗin ya fito da ɗumin fatar. Sai dai da sharaɗi, ruwan gwal ɗin da'irorin ya yi kusa da kalar wuyanta, in tela ya yanka ta yadda da'ira ta faɗo a bakin wuyan riga, an koma gidan jiya. Don haka sai a gaya masa shuɗin ne zai zagaye wuya, da'irar ta fara daga ƙirji zuwa ƙasa, kuma wajen ɗankwali a naɗa ta yadda shuɗin zai zauna a goshi. Zane mai girma haka yana cin yadi wajen daidaitawa, to in yadi 6 ne da ita kuma ɗinkin mai cin yadi ne, a tambayi telan tun kafin a saya ko zai isa.

Wani lokacin kuma mai kayan ta riga ta ƙyalla ido a kan wadda ba ta karɓe ta ba, ko an riga an saya. Ba sai an jefar ba. Kalar da take nesa da fuska ba ta da tasiri sosai, tazarar kamar tafin hannu ɗaya daga haɓa zuwa ƙasa ita ce wurin da ake faɗa a kai. A misalin nan, da ta nace sai ta farkon, sai a yi wa wuyan riga baki da yadi mara zane mai duhu, marun ko nebi bulu, faɗin inci 2 ko 3, ko a yi aikin zare mai duhu a wurin, mayafi ma ya zama mai duhu, shikenan an raba fata da atamfa.

In kina da dama kafin a sa almakashi, ki sa a kai mata atamfar ta yafa a kafaɗa ta ɗauki hoto a wannan tagar da wannan takardar. A nan ki lura da wata dabi'ar kyamara, in atamfar fara ce sosai wayar za ta rage haske fuskar ta yi duhu fiye da gaskiya, in mai duhu ce za ta ƙara haske fuskar ta yi fari. Mai ɗaukar hoton ya taɓa wajen fuskarta a jikin sikirin kafin ya ɗauka domin wayar ta auna haske daga fatar. Abin da za ki duba a wannan hoton shi ne ƙasan ido, gefen baki da farin ido. In inuwar ƙasan ido ta ragu, leɓe ya riƙe kalarsa, farin ido ya yi fes, a kai wa tela. In gefen baki ya yi toka ko ƙasan haɓa ya ɗauki kalar rigar, a canza ɓangaren zanen da zai zo wuya a sake ɗauka.